Me ya sa FFA ɗin manjana yake fitowa sama da na mai kawo kaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a ɗakin gwajin wani ƙaramin kamfanin tace mai a Kano. An kawo mana manja daga Kogi da takarda mai cewa FFA ɗinsa 4.9 ne, ni kuma na gwada na samu 5.7, ga shi yarjejeniyarmu kada ya wuce 5. Jan manjan ma ba ya bari in ga canjin launi sosai. Yaya ake yin gwajin nan daidai? Kuma hanya ɗaya ce da ta man gyaɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ku mayar da mota, ka duba littafinka ka ga lambar da ka ninka da ita a lissafi. Idan 28.2 ce, to ka riga ka gano fiye da rabin tazarar da ke tsakaninku, domin wannan lambar ta man gyaɗa ce. Manja da 25.6 ake lissafa shi. Ragowar tazarar kuma yawanci a wurare uku take ɓuya: ƙarfin ruwan sodarka, itanol ɗin da ka narka man a ciki, da kuma inda ka rufe buret. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma sai ka fara riƙe abin da gwajin yake aunawa, don ka san dalilin kowane mataki.

Mafi yawan mai tiraigilisaraid ne, wato gilisarol ɗaya da asid ɗin mai guda uku a ɗaure a jikinsa. Muddin a ɗaure suke, soda mai rauni ba ta taɓa su cikin ɗan lokaci. Idan ruwa ya samu shiga, musamman tare da inzayim ɗin laifes, sai ɗaurin ya tsinke, asid ɗin ya saku. Waɗannan sakakkun su ne FFA. A kwakwar manja inzayim ɗin yana cikin naman 'ya'yan, kuma da zarar sun ƙuje ko sun fashe yake fara aiki. Shi ya sa manyan masana'antu ke gaggauta turara nonnan kwakwa da tururi a cikin yini ɗaya ko biyu da sarowa, su kuwa masu matsa a ƙauye, da kan ajiye su kwanaki har 'ya'yan su saki da kansu, manjansu ke zuwa da FFA mai yawa. Abin da kake yi a gwajin shi ne ka ƙirga sakakkun asid ɗin ta hanyar ɗiga musu soda, wato NaOH, da ka san ƙarfinta. Ƙwayar soda ɗaya tana kashe ƙwayar asid ɗaya ta mayar da ita sabulu, idan asid ya ƙare sai ɗigon da ya biyo baya ya juya fenolftalin, indiketar da ake sawa don nuna ƙarshen gwaji, zuwa ruwan hoda.

To a nan lambar nan ta shigo. Buret adadin ƙwayoyi yake ba ka, ba nauyi ba. Don ka mayar da adadi zuwa kashi cikin ɗari na nauyi, dole ka zaɓi asid ɗaya ka ɗauka cewa duk sakakkun irinsa ne. A man gyaɗa oleyik ne ya fi yawa, nauyin mol ɗinsa giram 282. A manja an daidaita a kan falmitik, mai giram 256. A man alayyadi da man kwakwar attagara lorik ake ɗauka, mai giram 200. Lissafin ke nan:

```
%FFA = (V × N × F) / W
F = 28.2 (oleyik), 25.6 (falmitik), 20.0 (lorik)
```

V mililitar sodar da ta tafi, N ƙarfin sodar, W nauyin man a giram. Mai ɗaya, titireshan ɗaya, amma wanda ya yi da 28.2 zai fi wanda ya yi da 25.6 da kusan kashi ɗaya cikin goma na sakamakon. Saboda haka duk takardar da ta ce "FFA 4.9" ba ta faɗi da wane asid aka lissafa ba, takarda ce da ba ta cika ba. Kai ma kada ka sake fitar da sakamako ba tare da rubuta wannan a gefensa ba.

Yanzu ruwan soda. Ana auna giram 4.0 na NaOH a narka a cika lita ɗaya, a rubuta 0.1 N a jikin kwalba, kuma da yawa daga nan suke tsayawa. Matsalar ita ce ƙwayoyin NaOH suna shan danshin iska tun suna kan sikeli, za ka ga suna ƙyalli suna jiƙewa kana kallo, suna kuma shan iskar kabon su koma kabonet. Don haka giram 4.0 da ka auna ba soda zalla ba ce, kuma ruwan da ka haɗa kusan kullum ƙasa da 0.1 yake fitowa. Soda mai rauni kuwa mililita da yawa take ci, sai FFA ya fito sama da gaskiya. Maganin shi ne ka gwada sodar da KHP, wani farin gishiri mai asid wanda ba ya shan danshi sosai, kuma nauyin mol ɗinsa sananne ne, giram 204.22. Ka busar da shi a oben a kan digiri 110 kamar awa biyu, ya huce a cikin desiketa, ka auna kimanin giram 0.4 a sikeli mai lamba huɗu bayan ɗigo, ka narka a mililita 50 na ruwan distil da aka tafasa ya huce, ka sa fenolftalin ɗigo biyu ko uku, ka ɗiga soda har ruwan hoda mai haske ya zauna.

```
N = W(KHP) / (0.20422 × V)
```

A ce ka auna giram 0.4105, soda ta tafi mililita 20.60. Ƙarfinta 0.0976 ke nan, ba 0.1 ba. Ka yi sau uku ka ɗauki matsakaici, ka rubuta lambar da kwanan wata a jikin kwalbar. Kwalbar ta roba ce mai murfi mai kamawa, ba ta gilas ba, domin soda tana cin gilas a hankali tana kuma liƙe murfinsa. Ni ra'ayina, inda ake sayen kaya da sakamakon nan, a sake gwada sodar kowane mako, da kuma duk ranar da wata takaddama ta taso.

Sai itanol. Wanda ake saya kashi 95 yana zuwa da ɗan asid nasa, wanda ya daɗe a buɗe kuma ya fi. Idan ba ka kashe wannan asid ɗin ba, manjan za a ɗora wa laifinsa. Ka zuba mililita 50 zuwa 75 a filas, ka sa mililita 2 na fenolftalin mai kashi 1, ka ɗumama shi har ya kusa tafasa, sannan ka ɗiga soda ɗigo-ɗigo har ya yi ruwan hoda mai haske ƙwarai, wanda sai ka ɗora a kan farar takarda za ka tabbatar da shi. Wannan sodar ba ta shiga lissafi, bayan ta ne za ka cika buret ka karanta farko. Ka lura da launin nan da kyau, domin shi ne ma'aunin da za ka koma gare shi a ƙarshe. A kan rishon lantarki ko cikin ruwan zafi ake ɗumamawa, ba a kan harshen wuta ba, itanol a digiri 78 yake tafasa kuma tururinsa na kamawa nan take. Sifirit ɗin kemis mai launin shuɗi ko shanshanbale kuwa kada ma ka kawo shi kusa, launinsa kaɗai ya ɓata aikin.

Akwai abin da ya riga duk wannan, wato samfur ɗin kansa, kuma a manja ya fi ko'ina muhimmanci. Manja da ya kwana biyu a jarka ko duro yakan rabu, ruwa-ruwan ya taso sama, mai kaurin ya kwanta, a can ƙasa kuma ga laka da ruwa. Da hunturu a Kano ma gaba ɗaya yake yin barci. Wanda ya tsoma kofi a baki da wanda ya ɗebo daga gindi ba mai ɗaya suka gwada ba. Ka ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, daga jarkoki da dama ba guda ɗaya da direba ya miƙo maka ba, ka haɗa, ka narkar a ruwan zafi mai digiri 50 zuwa 60 har ya zama garau babu gudaji, ka girgiza sosai, sannan ka auna. Kada ka bar shi a kan zafi awa da awanni, narkewa kawai ake so.

Nawa za ka auna? Hanyar Ca 5a-40 ta AOCS, ƙungiyar masana sinadaran mai ta Amurka, ta ce ga man da FFA ɗinsa ke tsakanin 1 da 30, giram 7.05 da mililita 75 na itanol da soda 0.25 N. An zaɓi 7.05 ne don sauƙin lissafi: idan oleyik ne kuma sodar 0.25 ce cif, mililitar da ka karanta ita ce FFA ɗin. Masu aikin manja da yawa kuwa giram 5 suke aunawa da soda 0.1 N, kuma ita nake ba ka shawara, saboda ɗigo ɗaya na soda mai rauni kuskurensa kaɗan ne. Ɗigo ɗaya kimanin mililita 0.05 ne, a kan giram 5 bai wuce 0.03 na FFA ba. Ba sai ka wahalar da kanka wajen samun 5.00 daidai ba, ka rubuta abin da sikeli ya nuna kawai.

Ka ɗora busasshen filas mai mililita 250 a sikeli, ka ɗiga man a tsakiyar gindinsa kada ya shafi wuya, ka zuba itanol ɗin da ka riga ka kashe wa asid yana da zafinsa. Buret kuma ka ɗauraye shi da ita sodar kafin ka cika, ka kori kumfar iskar da ke maƙalewa a ƙasan famfo. Kumfar nan idan ta fita a tsakiyar aiki, za ka karanta mililitar da ba ta taɓa shiga filas ba.

Ga inda aikin hannu yake. Manja ba ya narkewa duka a itanol. Abin da za ka gani shi ne ruwa biyu: itanol a sama ya ɗauki launin rawaya mai ja-ja, man kuma a ƙasa yana yawo dunƙule-dunƙule. Soda a cikin itanol take aiki, asid ɗin kuwa wani yana cikin man, sai girgiza ta fito da shi. Don haka hannu ɗaya a famfo, ɗaya yana juya filas da ƙarfi ba tsayawa, har man ya farfashe ya zama ƙananan ƙwayoyi. Da farko ka saki soda da ɗan sauri. Za ka ga wurin da ɗigon ya faɗa yana yin ja ya ɓace nan da nan. Idan jan ya fara jinkirin ɓacewa, ka koma ɗigo ɗaya, girgiza, duba. Filas ɗin kuma ya kasance da ɗumi har ƙarshe. Idan ya huce, mai kaurin zai fara daskarewa ya kulle asid a cikinsa, launi ya juya da wuri, ka samu sakamako ƙasa da gaskiya.

Batun ganin launi kuwa, kada ka jira ruwan hoda irin wanda ka gani a KHP, ba zai zo ba. A kan manja, canjin daga rawaya mai ruwan lemo ne zuwa ja mai duhu kaɗan, kamar jan bulo. Mai jiran ruwan hoda sosai sai ya zarce da rabin mililita ko fiye kafin ya yarda. Dabarar da ta fi amfani ita ce ka haɗa filas na biyu da man da itanol daidai da na farko, amma kada ka ɗiga masa soda, ka ajiye shi a gefe a kan farin tayil ɗaya. Ido ba ya iya tuna launi, amma yana iya kwatanta biyu da ke gabansa. Idan ka kusa ƙarshe, ka dakata daƙiƙa kaɗan man ya kwanta, ka karkata filas ɗin ka duba siririn itanol ɗin da ke gefe ta hasken taga. A nan canjin ya fi fitowa. Hasken rana ya fi ƙwan lantarki mai ja-ja nesa ba kusa ba.

Idan duk da haka bai fito maka ba, akwai mafita uku. Ka rage man zuwa giram 2.5 ka bar itanol yadda yake, launin zai ragu da rabi, sai dai kuskuren kowane ɗigo ya ninka. Ko ka koma aisofurofanol, wanda ke narkar da manja mai ɗumi ya zama ruwa ɗaya, ba sai ka yi ta fama da girgiza ba, kuma shi ɗakunan gwajin manja a Maleshiya suka saba amfani da shi. Shi ma sai an kashe masa asid tukuna. Ko kuma ka canza indiketa: ISO 660 ta yarda da taimolftalin ko alkali blue 6B ga mai mai duhu. Taimolftalin daga rashin launi yake komawa shuɗi, a kan manja sai ka ga ya yi kore-kore mai datti, wanda ya fi sauƙin kamawa. Sharaɗin shi ne da indiketar da za ka yi aiki da ita za ka kashe asid ɗin itanol ɗin, kuma ka rubuta ta a rahoto, domin tana juyawa ne a pH da ya ɗan fi na fenolftalin. Inda akwai mitar pH mai elektirod da ya dace da irin wannan ruwa, ita ke raba gardama, amma ƙaramin ɗakin gwaji zai iya aiki mai kyau ba tare da ita ba.

Wani tarkon kuma yana bayan an kai ƙarshe. Ƙa'idar AOCS ita ce launin ya zauna daƙiƙa 30. Idan ka bar filas ɗin minti biyu ko uku za ka ga ya koɗe, sai zuciya ta ce maka ba a gama ba. An gama. Abu biyu ne ke cinye ɗan rarar sodar: iskar kabon da ke shiga daga sama, da kuma shi kansa man, domin soda a cikin itanol mai zafi tana fara tsinke tiraigilisaraid tana yin sabulu da shi. Idan ka biye wa wannan kana ƙara ɗigo, ba za ka taɓa gamawa ba, kuma lambar za ta yi ta hawa. Bambancin shi ne: launin da ya ɓace cikin daƙiƙa biyar ko goma kana girgizawa, asid ne bai ƙare ba, ka ci gaba. Wanda ya yi rabin minti yana nan, ka rufe famfo ka karanta, idonka daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan.

Bari mu ɗauki misali da lambobi mu ga yadda 4.9 ke zama 5.7 ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Ka auna giram 5.06, soda ta tafi mililita 9.90, ƙarfinta 0.0976 kamar yadda KHP ya nuna.

```
25.6 × 0.0976 × 9.90 / 5.06 = 4.89
```

Ka maimaita da giram 5.11, soda ta tafi 10.05, ya ba ka 4.91. Matsakaici 4.90, kaya sun shiga. Yanzu a ce ba ka gwada sodar ba, ka yarda da 0.1 da ke jikin kwalba: gwajin farko zai koma 5.01, ka ga har an tsallake iyakar yarjejeniya a kan abin da bai kai komai ba. Ka ƙara da 28.2 a maimakon 25.6, ya zama 5.52. Itanol da ba a kashe wa asid ba, ko jiran launi, ya ci maka ƙarin mililita 0.3, sai ga 5.68. Ga 5.7 ɗinka nan. Ban ce lallai haka ta faru a wurinka ba, amma ka lura duk kurakuran nan gefe ɗaya suke turawa, sama. Masu turawa ƙasa su ne rashin girgiza da barin filas ya huce.

Gwaji biyu na samfur ɗaya a wannan mataki bai kamata su bambanta da fiye da 0.1 ba. Idan sun wuce haka, kada ka ɗauki matsakaicinsu, ka sake. Kuma idan kana so ka gwada hannunka da idonka, ka samu asid ɗin falmitik mai tsabta na ɗakin gwaji, ka auna giram 0.256 ka narka a itanol ɗinka mai zafi. Soda 0.1000 N mililita 10.0 ya kamata ta ci, taka mai 0.0976 kuwa kimanin 10.25. Sannan ka zuba irin wannan adadin a kan manjan da ka riga ka san sakamakonsa, ka ga ko ƙarin da ka samu ya yi daidai. Idan ya yi a farin ruwa bai yi a manja ba, matsalar ganin launi ce.

Mai yiwuwa kuma ka gyara komai ka sake samun sama da 5. Wannan ba ya nufin takardar ta bogi ce. FFA ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa muddin akwai ruwa a cikin man, kuma asid ɗin da ya riga ya saku yana ƙara hanzarta sakin wani. A cinikin ɗanyen manja na duniya ruwa da datti a haɗe ba sa wuce kashi 0.25, manjan matsar hannu kuwa sau da yawa ya fi haka jiƙa. Don haka ka duba kwanan watan takardar. Idan an gwada makonni da suka wuce, man ya zauna a jarka cikin rana da laka a gindinsa, to takardar ta faɗi gaskiyar ranarta ne. Ka gwada danshin man tare da FFA, su biyun tare suke ba da labari. A gaba kuma ku riƙa ɗibar samfur a gaban mai kaya, a raba kwalba uku a liƙe: taku, tasa, da ta ajiya da za a kai wani ɗakin gwaji idan an saɓa. A rubuta a yarjejeniya cewa a matsayin falmitik za a lissafa, kuma a wurin saukewa.

Akwai wata lamba da za ka ci karo da ita a takardun hukuma, wato adadin miligiram na KOH da ke kashe asid ɗin giram ɗaya na mai, ana rubuta ta AV. Ba sabon gwaji ba ne, titireshan ɗin nan ne aka canza wa lissafi, ko da NaOH ka yi:

```
AV = 56.1 × N × V / W
```

Daga FFA kuma, ka ninka da 2.19 idan falmitik ne, da 1.99 idan oleyik ne. Manjan misalinmu AV ɗinsa 10.7. Ma'aunin Codex na man ci, CXS 210-1999, ya sa 4.0 ga yawancin man da aka matse ba a tace ba, 0.6 ga tataccen mai; manjan da ba a tace ba kuwa a da 10.0 ya sa masa, amma a 2019 aka mayar da iyakarsa FFA kashi 5 a matsayin falmitik. Ka ga a da manjan da ya cika sharaɗin kashi 5 na ciniki zai iya wuce iyakar 10.0, domin 10.0 daidai take da FFA kimanin 4.6.  Haɗa lambobin biyu, a ɗauki AV a matsayin FFA, kuskure ne da ke ninka sakamako biyu, kuma yana faruwa.

Man gyaɗa hanyarsa ɗaya ce, ya ma fi sauƙi, tunda launinsa ba ya ɓoye ruwan hoda kuma ba ya daskarewa a filas. Abu biyu ne ke canzawa: lambar ta koma 28.2, nauyin samfur kuma ya ƙaru saboda asid ɗin kaɗan ne. Ga mai tsakanin 0.2 da 1, giram 28.2 ake aunawa da mililita 50 na itanol da soda 0.1 N. Ga tataccen mai da bai kai 0.2 ba, giram 56.4. Dalilin a fili yake: tataccen mai mai FFA 0.1, idan giram 5 ka auna, sodar da zai ci ba ta kai mililita 0.2 ba, ɗigo huɗu ke nan, ɗigo ɗaya ya zarce ka yi kuskuren kashi ɗaya cikin huɗu. A ce man ƙuli ne ka auna giram 28.20, soda mai 0.0976 ta tafi 7.50, FFA ɗinsa 0.73 a matsayin oleyik, AV kuma 1.46. Da yake man ya yi yawa a filas ɗin, girgizar sai ta fi ta manja ƙarfi. Idan ka ga ɗanyen man gyaɗa ya haura 2, wato ya wuce AV 4.0, ka tambayi gyaɗar: yawanci wadda aka tara da danshi ce ta yi hunhuna, ko fasasshiya da ta daɗe a buhu, ko kuma an bar ruwan kwaɓin tunkuza a cikin man.

Tunda tacewa kuke yi, ka kula da samfur ɗin da aka ɗebo daga tsakiyar layi. Gwajin ba ya bambance asid, duk abin da ya ci soda ƙirga shi yake. Man da aka sa wa asid ɗin fosforik ko sitirik don cire danƙo zai nuna FFA sama da na gaskiya idan ba a wanke ba, wanda kuma ya fito daga wankin soda da ragowarta a jiki zai nuna ƙasa, wani lokaci ma itanol ɗin ya ƙara yin ruwan hoda tun kafin ka buɗe famfo. Lambar da ka bayar kuma ita ake auna sodar tacewa da ita: kowane kashi 1 na FFA a tan ɗaya yana buƙatar kimanin kilo 1.56 na NaOH idan falmitik ne, 1.42 idan oleyik ne, kafin ɗan ƙarin da ake yi. Idan ka kai musu 5.7 a maimakon 4.9, rarar sodar man kirki za ta ci ta mayar sabulu.

FFA ba ya gaya maka ko mai ya tsufa ya fara wari da maƙaƙi a maƙogwaro, wannan aikin gwajin feroksaid ne, kuma mai zai iya samun FFA kaɗan alhali iska ta lalata shi. Ba ya nuna afalatoksin a man gyaɗa, ba ya nuna jan rinin Sudan da wasu ke zuba wa manja. Waɗannan kowanne da gwajinsa.

Gobe da safe ka fara da KHP, ka haɗa sabon itanol, ka narkar da samfur ɗin da ka haɗo daga jarkoki daban-daban, ka yi gwaji biyu da filas ɗin kwatance a gefe, ka lissafa da 25.6. Idan ka sake rubutowa, ka haɗo da nauyin da ka auna, karatun buret na farko da na ƙarshe, ƙarfin sodar, da kwanan watan da ke kan takardar mai kaya.